Yadda Nomau Ya Ci Dunduniyata a Kogin Zarmaƙi

Da sunan Wanda ya tsayar da dutse ya gudanar da ruwa, ya ɓoye zurfi a ƙarƙashin lumana, nake buɗe bakina. Ku matso, ku gyara zama. Ni ne Mantau ɗan Shekarau, jikan masunta, wanda ya bar gida da baƙin gashi ya komo da furfura. Na ƙetare dazuzzuka, na sha ruwan koguna goma sha ɗaya, na tsere wa namun da ba su da suna a harshenmu. Amma duk cikin abin da na gamu da shi, babu wanda ya kusa gamawa da ni kamar mutumin da kullum safiya yake kirana ɗan'uwa.

Abin da ya fitar da ni gida shi ne mutuwar ƙanena Barmo. Muna kamun kifi a ruwan da bai wuce ƙirji ba, ya taka wani rami da ba mu san da shi ba, ya nutse ina kallo. Tun ran nan na yi alkawari sai na koyi karatun ruwa, wato in dubi fuskar kogi in san abin da ke cikinsa. Fatake suka ce mini masu wannan ilimi suna can bayan Dajin Ƙararrawa, a bakin Kogin Zarmaƙi.

Dajin nan ganyen itatuwansa na ƙarfe ne. In iska ta kaɗa sai su yi ta amo, su riƙa zubowa suna yanka duk abin da suka samu. Na ga ƙasusuwan matafiya a hanya, sai na tsaya a bakin dajin kwana uku ina lura. Na ga kunkuru kaɗai ke shiga ya fita lafiya. Na nemi ƙoƙon bayan wani mataccen kunkuru mai girman kwale-kwale, na kifa a kaina, na yi tafiyar kwana biyar a sunkuye, ganye na sauka a kansa kamar ana jifan kwano. Da na fito, ga kogin a gabana.

Faɗinsa tafiyar kwana uku ne a jirgi. Abin mamakinsa kuwa, yashin da ke ƙarƙashinsa tafiya yake yi kamar garken shanu. Inda jirgi ya wuce lafiya yau, gobe sai ka tarar tudu ya tsaya, kuma in yashin ya kama gindin jirgi ba ya saki sai ya haɗiye shi. A tsakiyar kogin akwai Birnin Tulluwa, wanda gidajensa duka a kan manyan jirage suke, an ɗaure su a saiwoyin wasu itatuwa da suka fi kowace hasumiya tsawo.

Rayuwar birnin tana hannun masu gora. Su ne ke fita da safe bibbiyu a kwale-kwale, da doguwar gora da igiya mai dutse a bakinta, su auna zurfi. Babban jirgi yana bukatar gaba uku na ruwa, wato tsawon buɗe hannuwa sau uku. Inda ya kai, sai a kafa farar tuta. Inda bai kai ba, ja. Da la'asar kowa ya je rumfar shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Sirandi da ake kira Uwar Gora, ya faɗi abin da ya auno. Duk bayan shekara uku takan zaɓi mutum ɗaya tak ta koya masa karatun ruwa. Saura shekara guda a yi zaɓen lokacin da na iso.

Ranar da aka ɗauke ni aiki, ina tsaye kamar kurma don ban san harshensu ba, sai na ji an ce daga bayana, "Kai, wannan tsagar fuskar ai ta gida ce! Sannu da zuwa, ɗan'uwa!"

Na juya na ga wani mutum fari, mai ƙiba, mai wushirya, ya buɗe hannuwa. Sunansa Nomau, ɗan ƙasarmu ne, shekararsa bakwai a Tulluwa yana aikin gora. Ya rungume ni, ya kai ni ɗakinsa, ya tuƙa mini tuwo da hannunsa. Shi ya roƙi a haɗa mu kwale-kwale ɗaya. Na yi hamdala, na ce Allah ya ba ni gida a baƙon wuri. Kafin wata ya ƙare na ba shi labarin Barmo, har na gaya masa cewa duk lokacin da na ga ruwa yana juyawa sai hannuna ya yi rawa.

"Wannan ya tsaya tsakaninmu," in ji shi, yana dafa kafaɗata. "Kuma bari in ba ka shawara. Uwar Gora ba ta son baƙo ya yi mata magana kai tsaye. Kai dai ka auna, ni in kai bayani. Matuƙan kwale-kwalen nan kuma kada ka sake da su, na ji suna kwaikwayon tafiyarka suna dariya."

Na bi shawararsa. Da la'asar sai in tsaya a bayan rumfa, shi ya shiga gaba ya yi ta zuba, yana nuna ni yana murmushi. In ya fito ya ce, "Yau na yabe ka har na gaji." Matuƙa kuwa na ɗaure musu fuska, su ma suka ɗaure mini.

Hannuna na da kyau a awo, wannan ko maƙiyina ya sani. A wata na huɗu na gano wata sabuwar hanya da ta rage wa jiragen hatsi tafiyar rabin yini. Bayan kwana biyu na ga an yafa wa Nomau shuɗin mayafi na girmamawa. Na tambaye shi dalili.

"Na kwale-kwalenmu ne, ɗan'uwa. Al'adarsu ce a ba babba. Ai na faɗi sunanka sau uku."

Wata rana aka sauya lokacin taro daga la'asar zuwa azahar. Kowa ya sani ban da ni. Na iso na tarar ana watsewa, Uwar Gora ta bi ni da wani kallo. Nomau ya dafe kai. "Wayyo, ai na aika a gaya maka! Ba su gaya maka ba? Ka ga irin halin mutanen nan ko?" Haka ya faru sau uku. Sannan na lura an daina tura kwale-kwalenmu wuraren da ruwa ke juyawa in ina ciki, mutane kuma suna kallon hannuwana in na ɗauki gora. Raina ya soma ba ni wani abu, amma duk lokacin da zargi ya taso sai Nomau ya zo da soyayyen kifi da dariyarsa, in ji kunyar kaina.

A wata na bakwai na auna wani wuri da ake kira Wutsiyar Kada, na samu gaba biyu kacal. Na ɗauko jar tuta, Nomau ya karɓe. "Ka gaji, rana ta yi zafi. Zan dawo da yamma in kafa, dama ina da saƙo a wajen." Bai kafa ba. Washegari jirgin dawa ya hau yashin. Mutane sun tsira da ƙyar, amma abincin gida arba'in ya tafi ƙasa.

Aka tara mu a rumfa. A lokacin na soma tsintar harshensu fiye da yadda Nomau yake zato. Ya durƙusa a gaban Uwar Gora, murya na rawa, ya ce, "Uwa, kada a hukunta shi. Laifina ne da na yarda da awonsa. Ya ce mini gaba huɗu. Na san hannunsa na rawa tun mutuwar ƙanensa, na yi ta rufa masa asiri don tausayi. Ni za a hukunta."

Ban san lokacin da na tsallake mutane na shaƙe masa wuyan riga ba. Ina ihu da Hausa, ina kiransa munafuki, maƙaryaci, babu mai jin abin da nake faɗa. Abin da suka gani shi ne baƙo mai jajayen idanu yana shaƙe mutumin da ya gama roƙa masa gafara. Nomau bai ko ɗaga hannu ba. Hawaye kawai yake yi yana cewa da harshensu, "Ku ƙyale shi, ba ya cikin hayyacinsa."

Aka karɓe gorata. Aka tura ni shafa wa jirage ƙaro na wata biyu.

A can na haɗu da Baba Dambaro, wani tsohon matuƙi mai karyayyen hanci, wanda ya taɓa tuƙa mu sau da yawa. Kwana shida muna aiki gefe da gefe bai ce mini uffan ba. Ran na bakwai na daure na gaishe shi da harshensu, a karkace. Ya dube ni.

"Ashe kana gaida mutane? An ce mana ka ce matuƙa warin kifi suke yi, ba ka magana da su."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya ce maka muna yi maka dariya, ina tsammani."

Na zauna a kan bakin jirgi. Baba Dambaro ya ci gaba da shafa ƙaro yana magana a hankali don in gane. Ya ce Nomau bai taɓa zagina ba ko sau ɗaya. Kullum da yabo yake farawa: Mantau yaron kirki ne, sai dai mantuwa, Mantau na da ƙoƙari, sai dai tsoron ruwa, ku yi haƙuri da shi. In aiki ya yi kyau ya ce "na auna", in ya ɓaci ya ce "abokina ya auna". Kafin ni ya yi wa mutum biyu haka, duk sun bar garin.

"Baba, kana cikin kwale-kwalen ran da ya karɓi jar tutar. Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Don wa? Don mutumin da ba ya amsa gaisuwata? Kuma kafin in buɗe baki ka riga ka shaƙe shi. Ka gama masa aikinsa da hannunka."

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Na ce zan je in fayyace wa Uwar Gora komai. Ya girgiza kai. "Da wace shaida? Bakinka da nasa ne, nasa kuwa shekara bakwai tana jin sa. Ka koyi magana tukuna."

Wata biyun nan na yi su ina koyon harshe a bakin matuƙa, ina cin abinci tare da su. Ban zagi Nomau a gaban kowa ba, don na gane duk abin da na faɗa zai koma kunnensa ya zama makami. Da aka maido mini da gorata, aka sake haɗa mu, ya tarye ni da runguma. "Na yafe maka, ɗan'uwa. Ni na roƙa aka dawo da kai." Na ce na gode. Daga ranar bai sake jin wani abu na cikina ba. In ya tambayi abin da ke damuna, in ce lafiya lau.

Na je gaban Uwar Gora da kaina, na durƙusa, na ba da haƙurin abin da na yi a rumfarta. Ashe ba ta taɓa hana baƙo yi mata magana ba. Na roƙi abu biyu: in riƙa faɗin awona da bakina, kuma kowace rana in ƙulla zurfin da na samu a igiya, matuƙin da ya kai ni ya ƙulla tasa alamar a ƙarshe, a rataye a rumfa inda kowa ke gani. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Rataya. Bango ba ya ƙin igiya." Tuta kuwa ban sake barin wani ya kafa mini ba. In Nomau ya kawo mini saƙo, sai in maimaita shi da ƙarfi a gaban mutane: "Ka ce taron gobe da la'asar ne, ko?" Sau biyu ya yi dariya ya ce au, ya tuna, da azahar ne.

Wata rana muna tsakiyar ruwa na ce masa da Hausa, ba tare da ɗaga murya ba, "Nomau, na san abin da ka gaya wa matuƙa, na san abin da ka yi da labarin Barmo. Ba faɗa nake nema ba. Ka daina."

Ya buɗe baki kamar na mare shi. "Ni? Bayan duk abin da na yi maka? Wallahi mutanen nan sun shiga tsakaninmu." Sannan murmushin ya dawo, amma idanunsa ba su yi ba. "Ka yi hankali da yawan zargi, ɗan'uwa. Dama ana cewa kanka ba daidai yake ba."

Damina ta matso. Kowace shekara kafin ambaliya sai a kwance birnin duka a ja shi zuwa itatuwan tudu, kuma dole a bi ta wani matsatsi da ake kira Maƙogwaro, mai baƙin dutse a tsakiya. Shekarar nan yashi ya toshe tsohuwar hanyar, hankalin kowa ya tashi. Kwana goma sha biyu kafin tashi, ni da Baba Dambaro muka samu gaba huɗu a hagun dutsen. Nomau yana kwance a gida wai zazzaɓi, amma ya ga igiyata da muka sauka. Kafin la'asar ya riga ya je gidan Uwar Gora ya ce shi ya gano hanyar tun makon jiya, ya nuna mini don in samu abin faɗa. Da na faɗi nawa a rumfa, ta ce, "Na riga na ji." Na haɗiye abin da ya taso mini, na rataye igiyata, na fita.

Nomau ya shiga karɓar gaisuwa gida gida. Ni kuwa kullum sai na koma Maƙogwaro. A nan na lura da abu biyu. Yashin yana bin amo: in ka buga gora a gindin kwale-kwale, sai ka ga ruwa ya yi duhu yana nufo ka. Na biyu, hanyar hagu tana cikewa, ta dama tana buɗewa. Kullum ina faɗa a rumfa, kullum Nomau ya ce ɗan bambancin hannu ne, kowa ya san hannun Mantau.

Ana gobe tashi na miƙe a gaban taro na ce, "Uwa, hagu ta koma gaba biyu da rabi. In aka bi ta, gidajen farko za su zauna a kan yashi, na baya su hau kansu. Hanyar dama kuwa ta kai gaba huɗu."

Nomau ya yi ajiyar zuciya. "Uwa, kin ga abin da nake gudu. Yana jin zafin an yaba mini, har zai kai birni guda inda ruwa ke juyawa don ya ƙaryata ni. Ni ban riƙe shi a raina ba."

Rumfa ta ɗauki gunaguni, ana hararata. Na ji jinina na tafasa, na damƙe gorata har yatsuna suka yi ciwo. Ban dube shi ba. Na ce, "Uwa, ina da tambaya ɗaya. Yaushe Nomau ya auna hagu na ƙarshe, kuma wane matuƙi ya kai shi?"

"Shekaranjiya," in ji Nomau da sauri.

Uwar Gora ta juya wajen matuƙa. "Wa ya kai shi?"

Babu wanda ya motsa. Baba Dambaro ya ce, "Uwa, kwana goma sha biyu ni nake zuwa Maƙogwaro. Mutum ɗaya nake ɗauka, Mantau."

Ta tashi ta je bango, ta bi igiyoyina ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowace ta fi ta jiya gajarta. Sannan ta ce a loda wa wani tsohon jirgi duwatsu daidai nauyin gida, Nomau ya tsaya a goshinsa ya ratsa da shi ta hagu, tun da hanyarsa ce. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Ya ce ai da ɗan'uwansa Mantau suka saba aiki, a haɗa su. Ta ce, "Kai kaɗai, da matuƙa huɗu masu iya iyo."

Washegari da hantsi, maimakon tashi, birni duka ya fito kallo. Jirgin ya shiga hagun dutse, ya yi tafiyar jifa guda, sai muka ji ƙuuu, ya tsaya cak. Ruwa ya yi baƙi kewaye da shi. Yashi ya soma hawa jikinsa kamar tururuwa sun samu ƙashi. Matuƙan suka yi tsalle tun da wuri suka fita. Nomau ya tsaya yana dukan jirgin da gora yana ihu, amon kuwa yana ƙara kiran yashin, har ya kai masa gwiwa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi numfashi uku ina kallo ban motsa ba. Sai na ga hannunsa a sama yana neman abin kamawa kamar Barmo, na kasa ƙyale shi. Na ce wa matuƙa su kai kwale-kwale shida can gefe su yi ta dukan gindinsu da gora gaba ɗaya. Amon ya cika Maƙogwaro. Duhun ruwan ya juya ya nufe su, yashin ya sassauta. Ni da Baba Dambaro muka silale ba tare da ko filafilin tuƙi ya yi ƙara ba, ta gefen da ruwa ke juyawa, hannuna na rawa kamar yadda aka faɗa, na jefa masa igiyar awo muka jawo shi.

Yana kwance cikin kwale-kwale yana aman ruwa, da ya ga mun kusa jama'a, sai ya ɗago ya ce da ƙarfi da harshensu, "Ɗan'uwa, ba na ce maka jiya mu sake aunawa ba?"

Wannan karon dariya aka yi, marar daɗi, tun daga matuƙa har matan da ke kan rufin gidaje.

Washegari na ja birnin Tulluwa ta dama, gida ɗari uku da tara, babu wanda ya taɓa ƙasa. Uwar Gora ta kira matuƙa ɗaya ɗaya ta yi musu tambayoyi, har maganar jar tutar Wutsiyar Kada ta fito. Ba ta kori Nomau ba. Ta karɓe shuɗin mayafin, ta tura shi wani mashigi mai nisa inda zai yi awo shi kaɗai, babu wanda zai jingina wa kuskure. Ni kuma ta kira ni, ba fara'a a fuskarta.

"Kada ka jira in ba ka haƙuri," in ji ta. "Wata bakwai kana tsaye a bayan rumfata kamar turmi. Murya ɗaya nake ji, ita na yarda da ita. Gobe da hantsi ka zo, za mu fara."

Shekara uku na yi a hannunta, har na iya duban ruwa in faɗi zurfinsa ba tare da gora ba. Ran da zan bar Tulluwa, ina ɗaure kayana a mashigi, sai ga Nomau ya tuƙo tun daga wurinsa, ya rame, amma wushiryar na nan. Ya rungume ni a gaban mutane yana kuka, ya cusa mini ƙunshin busasshen kifi.

"Ɗan'uwa, ina ka nufa? Gaya mini. Ina da abokai a kowane gari na bakin kogin nan, in aika musu labarinka tun kafin ka isa."

Na ce, "Gabas, Nomau. Birnin Masu Murjani."

Ya maimaita sunan sau biyu don kada ya manta. Na karɓi kifin, na yi godiya, na shiga kwale-kwale. Baba Dambaro ya tuƙa mu gabas har muka sha kwanar itatuwa, mashigi ya ɓace. Sannan ya dube ni, na dube shi, ya juya goshin kwale-kwalen yamma.